Zuwa ga Ustaz na ofishin ilimi: yaran da kake tsoron a kawo mana, suna cikin aji tun tuni

"Ustaza, ke da kike ta maganar damji, wai a haɗa yara masu nakasa da sauran yara a aji ɗaya, faɗa mana a gaban kowa: aji mai yara saba'in da wani abu, malama ɗaya, ba benci ba littafi, ta yaya za ta ɗauki kurma ko makaho a kan wannan nauyin? Ba gara mu nemi kuɗi a gina musu makarantarsu guda a cikin gari ba?"

Assalamu alaikum Ustaz, ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ina kuma gaida sauran muwajjihai masu duba makarantu da mudirai shugabannin makarantu da suke zaune ranar da ka yi mini wannan tambayar. Ban amsa a wurin ba saboda an riga an kira la'asar kuma gaskiya tambayar ta fi ƙarfin minti biyu, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta, iyaye ma su gani tunda a gabansu aka yi ta.

Abu na farko da nake so ku ofis ku gane, babu wanda zai kawo mana waɗannan yaran daga wani wuri, suna nan zaune a ajinmu, sunansu na cikin daftarin da kuke sa wa hannu duk wata. Abin da ba mu yi ba shi ne ba mu gane su ba, sai muka ba su wasu sunaye, wannan daƙiƙiya ce, wannan ba ya jin magana, wannan 'yar Hausa ce Larabci bai shige ta ba tukuna. Ni ba zan yi maganar kowace irin nakasa ba don ban san kowacce ba, zan tsaya kan wadda na sani da hannuna, wato yaro mai raunin ji, wanda yana magana yana amsa kira amma rabin abin da ake faɗa a aji ba ya isa kunnensa.

Shekarun baya kafin yaƙin nan na Sudan ina riƙe da aji uku a wata makarantar 'yan mata nan gaɓar kogi, yara 74 a ɗaki mai tsawon mita 8, rufin zinki, taga biyu suna kallon hanyar da rakshoshi ke bi. Akwai wata yarinya doguwa, ta girmi ajin da shekara ɗaya don ta maimaita aji biyu, kuma saboda tsayinta kullum layin ƙarshe muke tura ta, wannan ai dokarmu ce ta malamai tun kaka da kakanni, dogo baya gajere gaba. Imla ɗinta, wato shifta, kullum sifiri ko ɗaya cikin goma. In na yi tambaya sai ta kalli ta kusa da ita tukuna ta ɗaga hannu, in an ce a buɗe shafi kaza ita ce ta ƙarshe. Malamar da ta riƙe ta kafin ni ta rubuta a takardarta cewa matsalar harshe ce, a gida Hausa zalla ake yi. Ni ma na yarda, har wata uku ina yarda, kuma Allah Ya yafe mini na taɓa dukanta a hannu kan wai ta raina ni ina magana tana kallon taga.

Abin da ya farkar da ni uwarta ce. Ta zo ɗaukar sakamako sai ta ce, Ustaza ni abin na ba ni mamaki, yarinyar nan a makarantar allo ta wuce sa'anninta, malam har yabonta yake. Na koma gida ina ta juya maganar. Allo ai da Larabci ake yi, Larabcin ma da ya fi na littafin aji uku nauyi, to in harshe ne matsalar me ya sa can take ja nan take faɗuwa? Sai na tuna yadda ake biyawa a allo: yaro ya zo ya durƙusa gaban malam, tsakaninsu bai kai kamu biyu ba, malam ya faɗa yaro ya maimaita yana kallon bakinsa. A ajina kuwa tana mita bakwai da ni, ina magana na juya wa aji baya ina rubutu a sabbura, wato allon bango.

Bari in yi maka lissafin nan Ustaz, don shi ne gindin maganar duka kuma ba ya buƙatar ko jinai ɗaya. Ƙarfin sauti da desibel ake auna shi. Muryar mutum ta hira tana kai wajen desibel 60 in kana mita ɗaya da shi, kuma duk sanda nisa ya ninka sai ta ragu da kamar 6. Wato a mita 2 ta koma 54, a mita 4 ta koma 48, a mita 8 ta koma 42. A cikin ɗaki bango yana dawo da wani abu daga muryar, amma abin da yake dawowa amsa-kuwwa ce, ƙara take ba fayyacewa ba, balle ƙarƙashin zinki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar hayaniyar da ke cikin aji kar ta wuce desibel 35, masana ji kuma suna cewa yaro, musamman mai raunin ji, yana buƙatar muryar malami ta ɗara hayaniya da kamar 15 kafin ya kama magana da kyau. To ka ɗauka ajina hayaniyarsa 50 ce, wanda duk mai shiga ajin yara saba'in ya san na yi masa rangwame. 'Yar layin farko tana samun muryata sama da hayaniya da 10, 'yar layin ƙarshe muryata ta nutse ƙarƙashin hayaniya. Mai lafiyar kunne ma cike gurbi take da hasashe, to ina ga wadda kunnenta ya riga ya zubar da desibel 35 ko 40 kafin komai ya shiga, ga shi kuma yaren da ake magana da shi ba shi ta tashi da shi ba balle ta yi hasashen kalmar da ta ɓace?

Nan ne yaranmu na Hausa suke shan kashi biyu, kuma nan ne ofis yake yawan ruɗewa, don daga Mai Wurno har ƙauyukan Gadarif da Damazin yaro yakan shigo aji ɗaya da Hausa a bakinsa, Larabcin kasuwa kaɗan, don haka duk wanda ya yi shiru sai a jingina wa harshe a ce zai ware. Wasu suna warewa. Wanda kunne ne matsalarsa ba ya warewa, sai ya maimaita aji, ya sake maimaitawa, daga nan uba ya ce to ya bi ni gona, in mace ce a ce ta zauna gida.

Amma ana iya bambancewa, kuma kurrasar imla kaɗai, wato littafin da yaro ke rubutu a ciki, ta isa ta fara nuna maka. Yaron da harshe ne ke damunsa kuskurensa iri ɗaya ne ko ina ka zaunar da shi: zai rubuta sin a wurin sadi, ya haɗa ha mai maƙogwaro da ha mai sauƙi, ya sa alif inda ainu take, saboda Hausa ba ta raba waɗannan sautukan. Kalmar tana nan cikakkiya, harafi ne ya musanya. Mai raunin ji kuwa haruffa ne suke zubewa gaba ɗaya, musamman marasa amo irin su sin da shin da fa da ta, da ƙarshen kalma, wani lokaci ya tsallake kalma biyu a jimla ya ci gaba kamar ba komai. Kuma s da sh da f ai akwai su a Hausa, to in yaro yana zubar da su ba za ka ce harshe ba ne. Na koma kurrasar yarinyar nan na duba, kalmar madrasa ta rubuta ta ba sin, shamsu ta fito da mim kawai da wani harafi a gabanta. Washegari na dawo da ita gabana na yi mata imla ɗin jiya ina kallonta, ta ci shida cikin goma. Ba ta ƙara sanin Larabci cikin dare ɗaya ba ai.

Daga nan na yi mata gwajin raɗa, wanda wata ma'aikaciyar lafiya ta nuna mini kuma shi nake so ku sa a koya wa kowane malamin aji ɗaya zuwa uku. Ana samun wuri mara hayaniya, ofishin mudira ko bayan aji lokacin fatur, wato hutun karin kumallo. Ka tsaya bayan yaro nisan hannu ɗaya don kar ya karanta bakinka, ka sa yatsa ka danne ɗan naman da ke bakin kunnen da ba a gwadawa kana murza shi a hankali don ya toshe, sai ka fitar da numfashinka duka tukuna ka raɗa kalma, don in ba ka fitar ba raɗar takan yi ƙarfi. Kalmomi shida da yaro ya sani sarai, kuma da yaren gidansu, wannan kar a yi wasa da shi: kaza, ruwa, tsintsiya, shanu, kifi, tasa. Ya maimaita ko ya nuna hoto. In bai kama rabi ba a sake da wasu kalmomin, in ya sake faɗuwa a rubuta, sannan a juya ɗaya kunnen. Ita yarinyar kunnen dama ba ta kama ko ɗaya ba, na hagu ta kama biyu. Da na ɗaga ɗankwalinta sai ga auduga a kunnen, ashe tun tana 'yar shekara huɗu yake zubar da ruwa, ya tsaya ya dawo, a gida ana ɗiga mata mai ana cewa ai ciwon kunne ne na yara.

Wannan gwajin ba ya cewa ga cutar, tacewa ce kawai, wanda ya faɗi sai asibiti su duba dodon kunne su auna ji da na'ura. Kuma yana da inda yake kuskure, malama mai babbar murya za ta wuce da yaron da bai kamata ya wuce ba, yaro mai kunya ko mura zai faɗi alhali lafiyarsa lau, shi ya sa ake maimaitawa bayan sati biyu kafin a tayar wa iyaye hankali. Amma ka duba kuɗinsa: minti uku kowane yaro, yara 74 minti 222 ke nan, bai kai awa huɗu ba, in ana yin goma a rana kwana takwas an gama aji. Ita yarinyar da aka kai ta asibiti aka ce dodon kunnen dama ya huje, na hagu ma ya taɓu, aka ba ta maganin ɗigawa aka koya wa uwar yadda ake tsane ruwan da tsumma mai tsabta kafin a ɗiga, aka hana ta nutso a kogi da tur'a, wato magudanar ban ruwa. Ruwan ya tsaya, jin bai dawo duka ba, amma yanzu mun san da me muke aiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2021 ta ce yara kusan miliyan 34 a duniya ke da raunin ji mai buƙatar taimako, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari na raunin ji a yara daga abubuwan da ake iya karewa yake zuwa. Abubuwan kuwa duk mun san su a gidajenmu, ciwon kunne mai ruwa, sanƙarau, ƙyanda, hangum, da wasu allurai masu ƙarfi irin su jantamaisin in an yi su ba bisa ƙa'ida ba. Yanzu kuma ga wani sabo, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ya iso Sinja a 2024, akwai yaran da abu ya fashe kusa da su, akwai waɗanda rigakafi ya wuce su, akwai waɗanda kunne ya yi ta zuba ba asibiti. Su ne suke dawowa aji yanzu bayan dogon rufi, sun yi tsayi, kuma da dokar dogo baya duk layin ƙarshe za mu jera su.

To me na canza a ajin? Wallahi abin kunya ne saboda ƙanƙantarsa. Na zaunar da ita layi na biyu ba na farko ba, don 'yar layin farko ƙasan haɓar malama take gani, kuma a gefen da kunnenta mai dama-dama, na hagu, yake fuskantar ni da sauran aji, nesa da tagar hanya. Na daina magana ina rubutu, in rubuta in juyo sannan in faɗa. Na daina tsayawa a bakin ƙofa ina bayani don haske na bayana fuskata takan yi duhu ba ta ganin leɓena. Lambar shafi da aikin gida a sabbura nake rubutawa ba da baki kawai ba. In wata ta ba da amsa daga baya sai in maimaita amsar kafin in wuce, don in ba haka ba ita ta ji tambaya ba ta ji amsa ba. Na daina tambayarta kin gane, don kullum kai za ta gyaɗa, sai in ce faɗa mini me za mu yi yanzu. Ɗaga murya kuma na gano ba ya taimako, ihu yana ƙara wa wasula ƙarfi ne ya bar baƙaƙen da take rasawa, ga shi yana murɗe baki, gara ka matso ka yi magana a natse. Na haɗa ta da wata ƙawarta mai kaifin kai da take nuna mata layin da ake karantawa da yatsa. Sabbin kalmomin darasin gobe guda biyar nakan ba ta su yau a ƙarshen hissa, wato lokacin darasi, in faɗa mata ma'anarsu da Hausa, don kunne mai rauni yana kama kalmar da ya riga ya sani fiye da baƙuwa.

Ka lura Ustaz, a cikin waɗannan babu wanda ya ɗauke ni daga sauran 73. Hasali ma su suka fi cin riba, don 'yan baya da suke fama da Larabci su ma sun fara ganin shafi a rubuce suna jin amsa sau biyu. Yarinyar ba ta zama ta ɗaya ba, kar in yi ƙarya, amma ta wuce aji huɗu da ƙafarta ba da alfarma ba, ta kuma daina kallon taga.

Yanzu makarantar musamman da ka ambata. Ni ba na gaba da ita, Ma'ahadin Nur na makafi a Bahri ya yaye mutanen da muke alfahari da su. Amma ka tambayi kanka wa zai je. Yarinyar da na ba ka labari ba za a taɓa kai ta ba, don tana magana, uwarta ma ba ta kiranta kurma, kuma irinta sun fi kurame na gaba ɗaya yawa nesa ba kusa ba. Wanda za a kai ɗin ma, makaranta guda a cikin gari tana nufin ko kwana ko mota kullum, kai ka san hanyoyinmu in kharif, wato damina, ya sauka, baƙar laka ko tarakta sai ta yi da gaske, ka kuma san ba uban da zai saki 'yarsa mai shekara bakwai da ba ta ji sosai ta kwana wani gari. Sai a gina, a yanka ƙyalle, yara talatin na cikin gari su shiga, sauran ɗaruruwan na ƙauye kuma yanzu an samu hujjar korarsu, mudiri ya ce ai akwai makarantarku can. Wannan shi na fi tsoro, ginin ya zama dalilin rufe ƙofa. Kuma kafin a samu kuɗin ginin ma, a halin da malamai ke bin albashi, yaran da suke aji ɗaya yau sun yi aure.

Ba sabon ra'ayi na kawo ba. Tun 1994 a Salamanka ta ƙasar Sifen gwamnatoci 92 suka amince makarantar unguwa ita ce ta kowane yaro, Sudan kuma ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2009, sashe na 24 ya hana a fitar da yaro daga ilimin gama-gari saboda nakasa. Kwamitin yarjejeniyar a 2016 ya yi wani bayani da nake so a karanta a ofishinku, ya ce zaunar da yaro a aji ba tare da an canza komai na tsari da koyarwa ba, wannan ba shigarwa ba ce. To mu abin da muke yi ke nan shekara da shekaru ba mu sani ba. Mu kuwa da muka tashi a tsangaya mun san makaho yana zama cikin almajirai ya haddace har ya ja baƙi, ba wanda ya ce a gina masa tsangaya daban, sai dai malam ya san yadda zai biya masa.

Inda kake da gaskiya kuma zan faɗa, kar a ce na ɓoye. Yaron da aka haifa kurma ko sanƙarau ya ɗauke masa ji duka kafin ya fara magana, layi na biyu ba zai yi masa komai ba. Shi yare yake buƙata, yaren ishara, da mutanen da zai yi hira da su da shi, in ka ajiye shi shi kaɗai cikin masu ji saba'in ka ce ka yi damji to ka ɗaure shi ne a ɗaki da jama'a. Sashe na 24 ɗin ma ya ambaci yaren ishara da sunansa. Na taɓa samun irin wannan yaron a wata makarantar da na yi aiki, shekara biyu yana kwafar sabbura da kyakkyawan rubutu, bai san ma'anar kalma ko ɗaya ba, kuma ba wanda ya lura don kurrasarsa tsaf take. Ga irinsu abin da ya dace a tara su, ko su shida ne ko takwas daga ƙauyuka makusanta, a makaranta ɗaya ta gama-gari mai sauƙin zuwa, a ba su ɗaki da malami mai ishara don karatu da rubutu, a ɗauki kurma babba aiki ya zama mataimaki don shi ne mai yaren, sannan taron safe da wasa da zane da duk hissar da za ta yiwu su yi da kowa. Ɗaki ɗaya ne da mutum biyu, ba katanga da ɗakin kwana da mai gadi ba.

Abin da nake roƙo daga ofis, tunda kai ka tambaya, ba ya wuce ƙarfin sa hannunku. A fitar da takarda cewa a watan farko na shekara kowane aji ɗaya zuwa uku, da duk yaron da ya dawo bayan rufin nan, a yi masa gwajin raɗa, a ƙara layi ɗaya a daftari a rubuta wane kunne da inda zai zauna, kuma layin ya bi yaron zuwa aji na gaba, don abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yarinyar nan tana shiga aji huɗu sabuwar malama ta kalli tsayinta ta mayar da ita baya, sai da na je da kaina. Muwajjihi in ya zo zagaye kar ya tsaya kan littafin shiri kawai, ya buɗe daftari ya ce nuna mini wance ina take zaune, abin da muwajjihi yake tambaya shi malamai suke yi, kai ma ka sani. A jarrabawa kuma a ba da izini a rubuce a yi wa irin waɗannan yaran imla a gaba, fuska da fuska, umarnin jarrabawa a rubuta shi, don imla daga nisan mita bakwai kunne take aunawa ba rubutu ba, kuma malami ba zai yi wannan da kansa ba sai an ce ya yi son kai.

Sai malami mai zagaye. Ku zaɓi mutum ɗaya da ya samu horo kan ilimi na musamman, ko ku tura wanda yake da sha'awa ya samu, ku ba shi makarantu biyar makusanta, Lahadi zuwa Alhamis kowace rana ɗaya, kuma a cire masa jadawalin hissa gaba ɗaya, don in aka bar masa ko rabi ne ranar da malamin lissafi bai zo ba shi za a tura ya cike, shi ke nan aikin ya mutu. Aikinsa ya sake gwada waɗanda suka faɗi, ya zauna bayan aji ya ga yadda ake koyarwa, ya bi iyaye kan zuwa asibiti, ya riƙe sunayen. Kuma a yankunanmu ya zama yana jin Hausa, in ba haka ba zai koma yana rubuta matsalar harshe kamar yadda muka yi.

Wata magana kan na'urar ji, sammaa, tunda ƙungiyoyi sukan zo da su a kwali a ɗauki hoto. Kar ofis ya karɓa sai an amsa tambaya uku, wa zai saita ta daidai da awon kunnen yaron, ina za a samu batir, wa zai sake abin da ake cusawa a kunne. Batirinta sati ɗaya zuwa biyu yake yi, abin kunnen kuma yaro yana girma yana yi masa sako-sako sai na'urar ta fara fito, yara su yi ta dariya, ya cire ya jefa a jaka. Kunnen da ke zubar da ruwa ma ba a toshe shi da na'ura sai ya bushe. Kuma ko tana aiki lafiya tana ƙara hayaniyar aji tare da muryar malama, don haka mai sammaa ma layi na biyun nan dai shi ne wurinsa. Na ga guda uku a aljihun tebur na wata mudira, duk sababbi, ba batir.

Benci da littafi da yawan yara, duk gaskiya ne, ni nake cikinsu kullum ba sai an ba ni labari ba, kuma in kuka rage mana aji zuwa hamsin zan fi kowa murna. Sai dai a ƙasa ma akwai gaba da baya, tabarma ma tana da layi na biyu. Ranar Lahadi hissa ta biyu imla muke yi Ustaz, in ka samu dama ka shigo, zan ajiye maka wuri a layin ƙarshe jikin tagar hanya, ka toshe kunne ɗaya da yatsa in ba ka kurrasa da fensir ka rubuta tare da yara, in mun gama sai mu je ofishin mudira in nuna maka gwajin raɗar a kan yara biyu da nake zargi tun makon jiya. A gaida mutanen ofis.